RA'AYI: Wanda aka hana aiki a Abuja ya tambayi dalili kafin ya ce ba rabo

Tun da aka mayar da hedikwatar ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama masaukin dubban mutanen da ke neman abinci a birnin tarayya, amma kuɗin hayarsa ya fi ƙarfinsu. Garin da ya sadaukar da sunansa na asali ga sabon birnin, shi ne a yau yake tura masa ma'aikata da masu neman aiki kowace asuba. Matashin da ke zaune a Chaza, idan aka kira shi intabiyu a Wuse ko Garki, sai ya ratsa Madalla da Zuba da Dei-Dei da Kubwa kafin ya isa, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya biya na hoto da na kwafar takardu, wani lokaci har da na gugar rigar da ya aro. Bayan mako biyu sai ga saƙon layi uku: an gode masa, amma an ɗauki wani.

Abin da akasarinmu muke yi a nan sananne ne. A ce ba rabo, ko a ce dama sai mai uwa a gindin murhu, a share saƙon, a jira wata sanarwar. Ra'ayina shi ne wannan asara ce a kan asara. Wanda ya kai matakin ganawa da masu ɗaukar aiki ya riga ya biya kuɗin wani darasi, da aljihunsa da lokacinsa, kuma darasin yana hannun jami'in da ya tantance shi. Idan bai tambaya ba, ya biya kuɗin makaranta ke nan ya dawo bai shiga aji ba.

Ba na jayayya da batun rabo. Abin da Allah bai rubuta wa bawa ba, ba zai same shi ba. Amma yarda da ƙaddara ba ta hana manomin da gonarsa ta ƙi yi duba ko irin ne ya lalace ko taki ne ya yi kaɗan. Haka ma ba na musun cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan. Sai dai wanda ya ɗora kowace faɗuwa a kan sanayya ya rufe wa kansa ƙofar sanin faɗuwar da ba sanayya ce ta kawo ta ba, alhali ita ce kaɗai yake da ikon gyarawa.

Ba kowace faɗuwa ake tambaya a kanta ba

Abu na farko shi ne mutum ya san matakin da ya faɗi. Ɗaukar ma'aikata a kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu yakan bi matakai huɗu: tace takardu, jarrabawar gwaji, ganawa ido da ido, sannan tuntuɓar waɗanda suka tsaya wa mutum. Wanda aka zubar tun a matakin tace takardu, da wuya a sami wanda ya tuna da shi. Takardarsa ɗaya ce cikin tuli, kuma mai yiwuwa kallo ɗaya aka yi mata. Tambaya a nan ba ta cika haifar da komai ba, domin wanda ake tambaya shi ma bai da amsa.

Amma wanda ya zauna jarrabawa, ko ya zauna gaban kwamiti, labarinsa daban ne. Akwai maki da aka rubuta a gaban sunansa. A wuraren da ke da tsari, kowane ɗan kwamiti yana riƙe da takardar da yake ba da maki a kan abubuwa kamar sanin aiki, iya bayani da gogewa. Ke nan amsar tana nan a rubuce, cikin fayil ko cikin kwamfuta. Aikin mai neman aiki shi ne ya yi tambayar da za ta sa fito da ita ya zama abu mai sauƙi.

Ɗaukar aikin gwamnati na gama-gari kuwa wani fage ne dabam. Wanda ya tuna ranar 15 ga Maris na 2014, lokacin da dubban matasa suka yi cincirindo a filin wasa na ƙasa da ke Abuja da wasu garuruwa domin jarrabawar Hukumar Shige da Fice, har aka rasa rayuka a turmutsutsu, ya san cewa a irin wannan taro babu jami'in da zai iya faɗa wa mutum guda abin da ya kayar da shi. Ƙari a kan haka, a aikin gwamnatin tarayya akwai tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi, wanda kundin tsarin mulki na 1999 ya tanada, Hukumar Daidaiton Rabon Muƙamai kuma take sa ido a kai. Mazaunin Chaza yana gogayya ne a gurbin jihar da takardar shaidar asalinsa ta nuna, ko Neja ce ko wata, ba a gurbin Abuja ba don kawai yana kusa da ita. Wanda ya faɗi saboda gurbin jiharsa ya cika, babu abin da zai gyara a jikinsa. Don haka maganata ta fi karkata ga kamfanoni, makarantun kuɗi, asibitoci masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji.

Me ya sa jami'ai ke yin shiru?

Kafin mutum ya rubuta komai, ya kamata ya fahimci halin wanda zai karanta. Jami'in ɗaukar ma'aikata yana da dalilai uku na kama bakinsa. Na farko yawan aiki, domin wanda aka ɗauka shi ne a gabansa, ba wanda aka sallama ba. Na biyu tsoro: duk kalmar da ya rubuta za ta iya zama hujja a hannun wanda ke zargin an nuna masa bambanci, shi ya sa wasu kamfanoni ke hana jami'ansu faɗin dalili kwata-kwata. Na uku kuma gudun jayayya. Jami'ai da dama sun taɓa faɗa wa mutum gaskiya, sai ya mayar da abin shari'a, yana kare kansa layi bayan layi.

Akwai kuma bambanci tsakanin jami'in cikin gida da jami'in kamfanin dillancin ma'aikata. Na cikin gida ya fi sanin ainihin dalili, amma ya fi tsoron faɗa. Dillali kuwa kuɗinsa yana fitowa ne daga wanda ya ɗauki ma'aikaci, saboda haka yana da riba idan ɗan takararsa ya gyaru, domin gobe zai iya kai shi wani wurin. Shi ya fi saurin buɗe baki, sai dai abin da ya sani bai wuce abin da aka gaya masa ba. Wanda ya bi ta hannun dillali, shi ya kamata ya fara tambaya.

Tambaya mai kyau ita ce wadda ta kwance waɗannan ƙulle-ƙulle uku: ta zama gajera don kada ta ci lokaci, ta nuna an karɓi hukunci don kada a ji tsoro, ta kuma nemi abu guda don kada a buɗe ƙofar jayayya.

Misali daki-daki

Mu ƙaddara wata matashiya ce a Chaza, mai babbar difloma a fannin akanta, ta kammala hidimar ƙasa, ta nemi gurbin mataimakiyar akanta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Abuja. An kira ta, an ba ta gwajin minti 45 a kwamfuta, sannan ta gana da mutum uku. Ranar Litinin saƙon imel ya iso cewa ba a ɗauke ta ba.

Kada ta amsa a ranar, domin zuciya tana tafasa. Kada kuma ta wuce kwana uku, domin bayan mako guda fuskokin 'yan takara sun fara cakuɗewa a kan jami'in. Talata ko Laraba ta amsa a kan saƙon da aka aiko mata, don jami'ar ta ga sunan gurbin da ranar ganawar ba sai ta yi bincike ba. Da Turanci za a rubuta, amma ma'anarsa kada ta wuce haka:

"Hajiya, barka da aiki. Na gode da damar da kuka ba ni ta ganawa da ku ranar Alhamis a kan gurbin mataimakiyar akanta. Na karɓi hukuncinku, kuma ba neman a sake dubawa nake yi ba. Alfarma guda nake roƙo: tsakanin gwajin kwamfuta da ganawar baki, wanne ne ya fi ja ni baya, kuma wane abu ɗaya za ki ba ni shawara in gyara kafin in sake neman irin wannan aiki? Layi biyu ya ishe ni, ko kiran minti biyar idan shi ya fi miki sauƙi."

A lura da abin da babu a ciki. Babu tambayar wa aka ɗauka, domin wannan ba hurumin mai tambaya ba ne, kuma yana jawo zargi. Babu labarin marayun da ake riƙo ko kuɗin motar da aka kashe daga Suleja, ko da gaskiya ne, domin yana ɗora wa mai karatu nauyin da zai sa ya guje wa saƙon. Babu kuma tambayar "me ya sa ba ku ɗauke ni ba", wadda ke sa jami'i ya shiga kare kamfaninsa. An ba shi zaɓi biyu ne kawai, ya nuna ɗaya. Tayin kiran waya kuma yana da hikima, don mutane da yawa za su faɗa da baki abin da ba za su taɓa rubutawa ba.

Idan mako ya wuce shiru, a tuna sau ɗaya da layi guda. Idan aka sake shiru, an sami amsa ke nan, a bar maganar. Bin jami'i da kira a lambarsa ta gida, ko tare shi a ƙofar ofis, ko tura masa wani babba ya yi magana, duk suna mayar da mai neman shawara ya zama abin gudu.

Yanzu a ce an yi dace, jami'ar ta kira ta ce: ganawarki ba laifi, amma a gwaji ba ki kammala daidaita littafin kuɗi da takardar banki ba, sannan kwamiti ya ɗan yi shakka kan nisan Suleja. Abin da ya dace a wannan kira shi ne a saurara, a rubuta, a yi tambaya ɗaya ta neman ƙarin haske, a yi godiya. Ko da abin da aka faɗa bai yi daɗi ba, ba wurin kare kai ba ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wannan amsa ta ƙunshi abubuwa biyu masu mabambancin magani. Na farko giɓi ne a sanin aiki, kuma ana iya auna shi. Daidaita lissafi da banki yana nufin gano dalilin da ya sa abin da littafin kamfani ya nuna ya saɓa wa abin da banki ya nuna. A ce littafin ya nuna naira 1,250,000, banki kuma ya nuna 1,412,500. Sai a duba a ga banki ya cire cajinsa na naira 7,500 wanda ba a shigar a littafi ba; idan aka cire shi, littafin ya koma 1,242,500. A ɓangaren banki kuma, akwai cakin naira 200,000 da kamfani ya rubuta wa wani amma bai kai banki ba tukuna, sai a cire shi. Akwai kuma naira 30,000 da aka kai ajiya da yamma ba ta bayyana ba, sai a ƙara ta. Sakamakon shi ne 1,242,500, ɓangarorin biyu sun haɗu. Duk mai difloma a akanta ya karanta wannan a aji. Abin da ya kayar da matashiyarmu shi ne yin sa a Excel, da layuka masu yawa, agogo yana tafiya.

To, maganin ba shi ne ta je ta biya kuɗin wani sabon kwas na wata shida ba. Maganin shi ne ta maimaita ainihin abin da ta faɗi a kansa, cikin irin yanayin da ta faɗi. Ta sauke bayanin asusunta na banki na wata uku, ta gina littafin kuɗi a gefensa, ta koyi amfani da SUMIF da VLOOKUP wajen haɗa layukan da suka yi daidai, ta sa agogo. Ma'auninta a bayyane yake: ranar da ta iya daidaita layi 100 cikin minti 30 ba tare da kuskure ba, sau uku a jere, giɓin ya toshe. Idan ba ta da kwamfuta, awa guda a shagon kwamfuta sau uku a mako bai kai kuɗin motar intabiyu biyu da za ta sake faɗuwa ba. In ta samu mai shago a kasuwar Suleja da zai bar ta ta daidaita masa lissafin wata, ta samu horo, ta kuma samu abin faɗa a ganawa ta gaba.

Abu na biyu, wato nisan gida, ba giɓin ilimi ba ne, shakka ce da ba a kawar ba. Duk mai ɗaukar ma'aikata a Abuja ya san cunkoson hanyar Zuba zuwa Kubwa da safe, kuma idan ya ji Suleja, makara ce ke fara zuwa masa a rai. Wasu sukan magance wannan da rubuta adireshin ƙarya na wani ɗan'uwa a cikin birni. Ban ga hikimar haka ba, domin ranar da aka zo tabbatar da adireshi, maganar ta tashi daga nisa ta koma rashin gaskiya. Abin da ya fi shi ne mutum ya riga kwamiti tayar da zancen, da tsari a hannunsa: ga lokacin da nake fita, ga inda nake shiga mota, ga lokacin da na iso yau, kuma ga inda zan riƙa kwana a ƙarshen wata idan rufe lissafi ya kai dare. Shakkar da aka amsa kafin a furta ta, ba ta bin mutum zuwa takardar maki.

Yadda ake tace amsa

Ba duk amsa ce abin dogaro ba. Idan aka ce "an samu wanda ya fi dacewa", ladabi ne kawai, babu darasi a ciki. Idan aka ce "ba ka da isasshiyar gogewa" alhali an ga shekarun gogewarka tun kafin a kira ka, to yawanci ma'anar ita ce ba ka iya bayyana abin da ka yi ba, kuma tambayar da ta dace ita ce: gogewa a wane ɓangare? Amsa ta gaskiya tana da alamu biyu: tana ambaton takamaiman abu da ya faru, kuma abu ne da mutum zai iya gwada kansa a kai. Idan kuwa dalilin shekarun haihuwa ne, ko an riga an tanadi wani daga cikin gida, sanin hakan ma riba ce, domin ya hana mutum rushe abin da ba shi da aibi.

Kada kuma a gina gida a kan maganar mutum ɗaya. Jami'i ɗan Adam ne, yana iya kuskure, yana iya faɗin abin da ya fi sauƙin faɗa. Shawarata ita ce mai neman aiki ya ware littafi, kowane gurbi da layinsa: ranar nema, matakin da aka kai, tambayar da ta yi wuya, da abin da aka ce. Bayan nema goma, littafin zai yi magana ko da babu jami'in da ya amsa. Wanda bai taɓa wuce tace takardu ba, matsalarsa tana takardarsa ko irin guraben da yake nema. Wanda yake cin jarrabawa yana faɗuwa a ganawa, matsalarsa tana bakinsa. Abin da mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗa, shi ne ya cancanci a kashe masa kuɗi da lokaci.

Gargaɗi guda: duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya faɗi dalili, ko ya ce da ɗan wani abu zai mayar da sunanka cikin jeri, ɗan damfara ne ko maci amanar ofishinsa. Shawarar gaskiya kyauta ce.

Ina doka ta tsaya?

Wasu za su tambaya ko akwai dokar da ke tilasta a faɗi dalili. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba kowa haƙƙin neman kwafin bayanansa da wata hukuma ko kamfani ke riƙe da su, amma ba ta wajabta wa jami'i ya zauna ya ba ka shawara ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa, wadda ta ba hukumomin gwamnati kwana 7 su amsa buƙata, ta ba su damar hana tambayoyin jarrabawar ɗaukar aiki da ma'aunin makinsu, da kuma bayanan sirri na wasu. Waɗannan dokoki makamai ne na wanda ke da hujjar an zalunce shi. Wanda gyara yake nema, idan ya buɗe wasiƙarsa da ambaton doka, lauya ne zai amsa masa, kuma amsar lauya ba ta koyar da komai.

Saura kalma ga masu ɗaukar ma'aikata. Babu mai hankalin da zai ce a rubuta wa kowa daga cikin ɗaruruwan masu nema bayani. Amma waɗanda aka kira ganawa ba su cika wuce biyar ko goma ba, kuma makinsu yana rubuce. Minti biyar ga kowannensu bai kai awa guda ba, alhali kowannensu ya ba da yini sukutum, wasu tun kafin fitowar rana suka bar Suleja. Jami'in da ya tsaya a kan abin da ya gani a gwaji da ganawa, bai taɓa addini ko ƙabila ko jinsi ba, babu abin da zai ji tsoro. Kamfanonin da ke kukan rashin ƙwararrun matasa su ne suke riƙe da bayanin da zai ƙware da su, kuma wanda aka faɗa wa giɓinsa bana, shi ne zai dawo baɗi a shirye, wataƙila ma ga kamfanin da ya faɗa masa.